Yadda Ake Haɗa Fulayar Taro a Canva da Hotunan da Aka Yanke a kan Bango Mai Sajewar Launi

Fulayar da aka jera hotunan mutane a kanta ba ta yin kyau sai idan mai kallo ya ga kamar a wuri ɗaya aka tsayar da su aka ɗauke su, a gaban bangon nan da yake gani. Abubuwa uku ne suke kawo haka: tsabtar gefen hoto bayan an yanke shi, daidaituwar haske tsakanin hotunan, da kuma yadda aka ɓoye inda jikin mutum ya yanke daga ƙasa. A kansu wannan bayani zai fi tsayawa. Misalin da za mu bi shi ne na wata makarantar Islamiyya a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, wadda za ta yi walimar saukar karatu, kuma hukumar makarantar tana son a sa hoto uku: na shugaban makaranta, na uban taro, da na malamin da zai gabatar da nasiha.

Kayan aiki

Ana buƙatar waya ko kwamfuta mai Canva, da data, domin aikin ba ya tafiya daidai sai da intanet. Kwamfuta ta fi daɗin gyaran gefen hoto, amma waya ma tana yi idan mutum yana da haƙuri. Bambancin kawai shi ne maɓallan suna ƙasan allo a waya, a kwamfuta kuwa suna sama da gefe. Kamfanin yakan sauya wa maɓalli mazauni lokaci zuwa lokaci, saboda haka sunan da na rubuta za ka nema, ko da ba ka same shi daidai inda na ce ba.

Sai hotuna. Ka roƙi masu taro su turo maka su ta WhatsApp a matsayin Document, domin hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi, balle wanda ya bi ta hannun mutum huɗu kafin ya iso gare ka. Hoton da ya fi dacewa shi ne wanda aka ɗauka daga ƙugu zuwa sama, da hula ko rawani cikakke, da kafaɗu biyu duka a ciki. Idan mai ɗaukar hoto ya riga ya datse saman hula ko gefen babbar riga, babu gyaran da zai maido da su, gara ka nemi wani tun da wuri.

Na ƙarshe shi ne rubutun taro: sunan taro, rana, lokaci, wuri, sunayen baƙi da muƙamansu. Ka karɓe shi a rubuce daga wanda ke da alhakin taron, kada ka dogara da abin da aka faɗa maka ta baki.

1. Buɗe shafi da raba fili

Ka shiga Create a design, ka zaɓi Custom size, ka rubuta faɗi 1080 da tsayi 1350, ma'aunin kuma ya kasance px. Wannan girma yana zama daidai a Facebook da Instagram da cikin zaurukan WhatsApp. Wanda zai ɗora a sitatus kaɗai sai ya yi 1080 da 1920.

A kwamfuta ka danna Shift da R tare, ma'auni zai bayyana a sama da gefen hagu, sai ka jawo layi biyu daga na saman, ɗaya ka ajiye a 330, ɗaya a 950. Shafin ya rabu uku ke nan: sama na sunan taro, tsakiya na hotuna, ƙasa na rana da wuri. Waɗannan layuka ba sa fita a cikin fulayar da za ka sauke. Ka kuma ƙudurta cewa babu rubutun da zai matso bakin shafi fiye da tazarar 70.

2. Zuba launin bango

Ka taɓa farin shafin, ka danna alamar launi, ka zaɓi ƙara sabon launi, a nan za ka ga Solid colour da Gradient. Ka shiga Gradient, ka sa launi uku da wannan jeri, sannan a cikin salon da aka jera ka zaɓi wanda launi ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa:

```
#0B3D2E
#2E8B6B
#06261C
```

Abin da zai fito shi ne kore mai duhu a sama, kore mai haske a tsakiya, da kore mai kusan baƙi a ƙasa. Dalilin wannan jeri shi ne kawunan mutane za su faɗa inda ya fi haske, don haka fuska da hula za su fito fili, rubutu fari kuma zai zauna a inda ya fi duhu ya karantu ba tare da wahala ba.

Kuskuren da masu farawa suka fi yi a nan shi ne haɗa launukan da suka yi nisa da juna, kamar kore da ja, ko shuɗi da ruwan lemo. Kowane ɗaya yana da kyau shi kaɗai, amma inda suka haɗu a tsakiya sai su ba da wani launi mai datti, kuma daidai nan ne fuskokin baƙi za su zauna. Ka tsaya a kan dangin launi ɗaya, ka riƙa sauya duhu da haske kawai. Idan masu taro suna son ruwan zinare, ka ajiye shi don rubutu.

3. Ɗora kaushi a kan bangon

Launi mai sajewa idan aka bar shi sumul yakan nuna ratsi-ratsi bayan WhatsApp ko Facebook sun matse hoton, musamman a wurare masu duhu, sai ka ga kore yana sauka mataki-mataki maimakon ya narke cikin juna. Ɗan kaushin da za a ɗora shi ne yake wargaza waɗannan ratsi, kuma yana sa bango ya yi kusa da yanayin hoton kyamara, wanda shi ma ba sumul yake ba.

Ka shiga Elements ka rubuta grain texture ko paper texture. Duk wanda ka ga ɗan kambi a kusurwarsa na masu Canva Pro ne, idan ba ka da shi ka tsallake, in ba haka ba zai fito da tambarin kamfanin a jikinsa. Ka zaɓi mai ƙananan tsaki, marar wani zane da ido zai bi, ka ja kusurwoyinsa har ya rufe shafin duka, sannan ka danna Transparency ka sauke shi zuwa tsakanin 15 da 25. Ma'aunin da nake bi shi ne, idan na riƙe waya a nisan karatu, in ji bangon yana da jiki amma kada in iya cewa ga tsakin nan. Da zarar an haura 40, koren yakan dushe ya koma toka-toka.

Idan ba ka sami na kyauta da ya yi maka ba, ka ɗauki naka. Bangon ɗaki da aka yi wa filasta, ko takardar buhun siminti da aka warware, ko yadi marar ado, duk suna yi. Ka ɗauka a inuwa inda haske ya bazu daidai, ka shigar ta Uploads, ka je Edit sannan Adjust ka mai da Saturation zuwa -100 don launinsa ya fita, sannan ka sauke Transparency zuwa 10 ko 15. Shadda ma tana ba da sha'awa a fulayar biki, sai dai zanenta yana da ƙarfi, kada ta wuce 10.

Wani lokaci idan kana jan hoton kaushin zuwa bakin shafi, Canva takan ɗauka so kake ya zama shi ne bangon, sai ta manna shi. Ka danna Ctrl da Z, ko kibiyar komawa baya a waya, ka sake ja ta kusurwa. Da ka gama, ka danna Lock ka kulle shi. Wannan kullewa tana da muhimmanci, domin in ba ka yi ba, duk lokacin da ka je ɗaukar hoton mutum sai ka ɗauko kaushin, ko kuma sabon hoton da ka jawo ya maye gurbinsa.

4. Yanke hotuna

Ka shigar da hotunan uku ta Uploads, ka ɗauki na farko ka danna Edit sannan BG Remover. Cikin ɗan lokaci bayan hoton zai ɓace, mutumin ya rage shi kaɗai. Wannan maɓalli na masu Pro ne. Wanda ba shi da shi yana iya yanke hoton a waje: shafin remove.bg yana yi, sai dai abin da yake bayarwa kyauta ƙarami ne, ya isa fulayar waya idan mutumin ba zai cika shafi ba, amma bai isa bugawa a takarda ba. A yawancin iPhone masu iOS 16 zuwa sama, da wasu sababbin wayoyin Samsung, idan ka danne mutum a cikin hoto na ɗan lokaci wayar za ta ɗago shi ita da kanta. Ko ta wace hanya ka bi, ka adana shi a PNG, domin JPG ba ya riƙe wurin da babu komai, zai cike shi da fari ko baƙi.

Yankan farko ba shi ne ƙarshen aiki ba, kuma a nan ne fulayar wanda ya ƙware take rabuwa da ta mai gaggawa. Ka ƙara girman allo sosai, ka bi gefen mutumin tun daga hula har ƙasa. A irin suturarmu wurare huɗu ne suka fi samun matsala. Farar babbar riga da aka ɗauka a gaban farin bango, sau da yawa ana cinye wani sashe na hannunta. Rawani, musamman jelarsa da ta sauka a kafaɗa, yakan fita da yanki-yanki. Tsakanin hannu da jiki ana barin ɗan kusurwar tsohon bango. Sannan bayan kujera, ko kafaɗar wanda ke tsaye a gefe, sukan maƙale a jikin mutumin. Idan ka sake danna BG Remover za ka ga Erase na gogewa da Restore na maidowa. Ka rage girman burushin, ka goge abin da ya yi saura, ka maido abin da aka cinye, kana yi kana duba shi a kan koren.

A misalinmu, a ce hoton uban taro an ɗauke shi ne a wurin wani biki, sanye da farar riga, a ƙarƙashin farar rumfa. Kusan tabbas kafaɗarsa ɗaya za ta fito a ɓantare. Ka maido da ita da Restore har ka ɗan wuce iyakar rigar, sannan ka dawo da Erase ƙarami ka bi layin kafaɗar a hankali. Ya fi sauƙi a maido da yawa a rage, da a yi ta ƙoƙarin zana kafaɗar kai tsaye. Idan kuma ka ga wani siririn farin zare ya kewaye mutumin duka, ragowar hasken tsohon bango ne, a kan launi mai duhu yana fitowa ƙarara. Ka bi shi da Erase a wuraren da ido ya fi zuwa, wato kai da kafaɗu, sauran inuwa za ta rage shi.

5. Daidaita haske da jera mutane

Hotunan uku ba a rana ɗaya aka ɗauke su ba. Na shugaban makaranta a ofis ne ƙarƙashin kwan lantarki, ya ja zuwa rawaya. Na malami a tsakar rana ne, ya yi fau. Na uban taro a inuwar rumfa, ya ɗan ja zuwa shuɗi. Idan aka jera su haka, kowa zai gane haɗa su aka yi. Ka zaɓi wanda fatarsa ta fi fitowa daidai ya zama ma'auni, ka gyara sauran biyu su matso gare shi ta Edit sannan Adjust. Wanda ya yi rawaya ka rage masa Temperature da kamar 10 zuwa 20, wanda ya yi shuɗi ka ƙara masa. Wanda rana ta haske ka rage Highlights don aikin zaren rigarsa ya dawo. Wanda fuskarsa ta yi duhu ka ƙara Shadows, kada ka taɓa Brightness da yawa, domin shi yana haske komai ne gaba ɗaya, sai farar riga ta ƙone fuska kuma ta yi toka. Ban ga amfanin a sauya wa dattijo launin fatarsa ba. Abin da ake so jama'a su gan shi su gane shi.

Wajen girma, kai ake aunawa, ba jiki ba. Ka sa uban taro a tsakiya, saman hularsa ya ɗan sauka ƙasa da layin 330, sauran biyu a dama da hagu, kawunansu daidai da juna, ƙasa da nasa kaɗan kuma ƙanana da shi kaɗan. Ka riƙa jan hoto ta kusurwa kullum. Ka bar kafaɗunsu su shiga bayan na tsakiya, domin gibi tsakanin mutane yana sa su zama kamar katin shaida uku da aka jera. Ana tsara wanda ke gaba da wanda ke baya ta Position sannan Layers, inda za ka ja kowane abu sama ko ƙasa. Tun kafin ka kai nan ka tambayi masu taro wane ne zai zauna a tsakiya, domin maganar girma ce, ba hurumin mai zane ba ne.

Yana da kyau na gefe su fuskanci tsakiya. Akwai Flip da ke juya hoto, amma ka yi hattara da shi: yana juya duk rubutun da ke jikin hoto, yana mai da karin hula ɗaya gefen, kuma wanda ke riƙe da Alƙur'ani ko allo da hannun dama zai koma riƙe da shi da hagu. Sauya wa mutanen gefe ya fi juya hoton.

6. Inuwa da ɓoye yankan ƙasa

Ka taɓa hoton tsakiya, ka je Edit, ka nemi Shadows ka zaɓi Drop. Inuwar da take fara fitowa tana da nauyi, sai ka ƙara Blur amount, ka rage Distance ya zama kaɗan, ka sauke Intensity zuwa wajen 30 ko 40, launin kuma ka sa #06261C maimakon baƙi tsantsa. Amfaninta shi ne ta raba farar rigarsa da fararen rigunan na bayansa. Ka yi wa sauran biyu irin wannan da lambobi iri ɗaya da Angle iri ɗaya, kada inuwar wani ta faɗi dama ta wani hagu. Farin layin nan mai kauri da Outline ke kewaye mutum da shi ya dace da tallar wasa ko ta kanti, amma a taron malamai yana rage kwarjini. Ka gama duk gyaran gefe kafin ka sa inuwa.

Yanzu ka dubi ƙasan hotunan. Kowanne ya yanke a miƙe a inda kyamara ta tsaya, kuma ba a tsayi ɗaya ba. Ka ɗauko murabba'i daga Elements, ko ka danna R a kwamfuta, ka shimfiɗa shi daga bakin hagu zuwa bakin dama, daga wajen 760 har ƙasan shafi. Ka ba shi Gradient mai gangarowa, launi uku duka #06261C, sai ka shiga na farko ka ja ma'aunin bayyanarsa zuwa sifili. Samansa zai ɓace, tsakiyarsa da ƙasansa su yi duhu. Ka ɗora shi a gaban mutanen ta Layers, ka matsa shi sama ko ƙasa har yankan da ya fi kowanne gajarta ya nutse cikin duhun. Rigunan za su narke cikin bango kamar mutum ya tsaya cikin hazon hunturu. Idan wani hoto ya yi gajarta ƙwarai, kamar wanda aka ɗauka daga ƙirji, kada ka ja duhun sama har ya ci fuskokin sauran; ka sa ɗan allon suna mai cikakken launi a ƙirjinsa ya rufe yankan. Wannan murabba'i zai rufe kaushin da ke ƙasan shafi, don haka ka kwafi kaushin ka ɗora wani a kansa, ka rage shi zuwa iyakar inda rubutu zai zauna.

7. Rubutu

Kafin ka ƙaunaci wani salon haruffa, ka gwada shi da waɗannan kalmomi: ƙasa, ɗaki, ɓera, manya da ƙanana. Da yawa daga salon da ke Canva ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ya fi sauran siranta ko kauri. Noto Sans da Noto Serif suna da su. Salo biyu sun isa.

Sunan taro, wato Walimar Saukar Karatun Alƙur'ani Mai Girma, ya hau layi biyu a sama da girman 70 zuwa 80, da ruwan zinare #E3B655. Sunan makaranta ya zauna a samansa da fari, wajen 34. Sunayen baƙi su zo ƙarƙashin kowane hoto da 26 zuwa 28, rana da lokaci da wuri kuma a ƙasa da 36 zuwa 40, domin su ne abin da mai karatu zai koma nema. Kada wani rubutu ya gaza 24. Ka duba kalanda ka tabbatar ranar mako ta dace da kwanan wata, na Hijira da na Miladiyya, ka kuma sake karanta muƙamai da sarautu harafi-harafi. Idan za a buga a raba a hannu, ina ba da shawarar a bar ayoyi a waje, saboda takardar da aka raba a kasuwa ko ƙofar masallaci ba a san inda za ta ƙare ba.

8. Saukewa da gwaji

Ka danna Share sannan Download ka zaɓi PNG. Ka tura wa wata waya ta WhatsApp ta hanyar da jama'a za su tura, ka buɗe ta a can, ka duba ko ratsi sun fito a bango, ko farin zare ya bayyana a gefen wani, ko ƙaramin rubutu ya dagule. Idan ratsi sun fito, ka ƙara wa kaushin 5 ka sake gwadawa. Ka kuma fita da wayar waje cikin rana ka gani ko ranar taro da wurinsa suna karantuwa. Masu taro kuwa ka tura musu a Document don su riƙe mai kyau.

Idan za a kai wa mai bugawa, wannan shafi bai dace ba, domin siffarsa ba ta takarda ba ce kuma ya yi ƙanƙanta. Ka buɗe sabon shafi na A5, wato 148 da 210 a ma'aunin mm, ka sake zuba launin bango, ka cire kulle daga kayan tsohon shafin ka kwafo su ka sake jerawa. A cikin File sannan Settings ka kunna Show print bleed, ka ja kaushin da murabba'in duhu su wuce bakin takarda zuwa cikin wannan ƙarin na kimanin milimita 3, don kada farin layi ya fito a gefe bayan an yanka. Ka sauke da PDF Print, ka sa alama a Crop marks and bleed. Tawada tana fitar da launi da duhu fiye da allon waya, saboda haka ka sa a buga maka guda ɗaya tukuna. Idan koren ƙasa ya koma baƙi ƙirin ko fuskoki sun dushe, ka koma ka haska launin ƙasan bango da na murabba'in duhu zuwa #0B3D2E, ka ƙara wa fuskokin Shadows na cikin Adjust kaɗan, sannan a buga sauran.